Jerin kayan sito da aka rubuta da hannu: ta yaya zan mayar da shi jadawali mai suna ɗaya da ma'auni ɗaya?

sabon_mai_sito

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An damƙa mini siton kayan gyare-gyare na wurin da nake aiki, kuma abin da na tarar a matsayin lissafin kayan shi ne shafuka 14 na rubutun hannu waɗanda aka riga aka yi musu sikanin, layuka 386, da hannun mutum uku daban-daban. An umarce ni da in mayar da su jadawali a Excel domin a san abin da ke cikin siton. Karanta rubutun bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne abu ɗaya yana da suna uku ko huɗu, kuma wani ya rubuta shi da kwali, wani da kilo. Ga misali daga shafi na 3, kamar yadda yake a takardar:

```
12  ƙusa 3"      2 kwali
13   "   2"      1½ kwali
14  k/3          4 kg
15  fenti fari   3 gal
16  waya 2.5     2 naɗi
17   "   1,5     40 yd
```

Tambayata ita ce, shin in riƙa gyara sunayen da ma'aunan ina cikin bugawa domin in gama a zama ɗaya, ko akwai tsarin da ya fi wannan aminci?

dan_kwamfuta88

Wa'alaikumus salam. Malam, ba sai ka wahalar da kanka da bugawa ba. Tunda an riga an yi sikanin, ka ba manhajar karanta rubutu irin Tesseract hotunan, za ta fitar maka da kalmomin, sannan ka kwafa ka zuba a Excel. Kyauta ce, kuma shafi 14 ba zai ɗauke ta wani lokaci ba. Ka dai tabbata an ɗauki hotunan a kan 300 dpi kuma shafukan ba su karkace ba.

malama_taskira

Wa'alaikumus salam. Maganar 300 dpi da miƙewar shafi daidai ce, amma ɗan'uwa dan_kwamfuta88, Tesseract domin bugaggen rubutu aka gina ta, kuma a kan rubutun hannu irin wannan, mai hannu uku da gajerce kalmomi, abin da za ta fitar zai ci lokacin gyara fiye da lokacin bugawa daga farko. Ko da a ce ta karanta kowane harafi daidai, ba za ta gaya masa ko `k/3` ƙusa ce ba, kuma ba za ta san nauyin kwali ba, alhali nan ne aikin yake. Layi 386 mutum ɗaya zai buga su cikin kwana ɗaya ko biyu in ya natsu.

Amsar tambayarka kuwa, Malam, ita ce kada ka gyara komai kana cikin bugawa. Na shekara da yawa ina aikin adana takardu, kuma mafi yawan kuskuren da ba ya gyaruwa daga nan yake tasowa: mai bugawa ya ga `k/3`, ya yanke hukunci a ransa cewa ƙusa ce mai inci 3, ya buga hakan, bayan wata biyu kuma babu wanda zai iya bambanta abin da takarda ta faɗa da abin da shi ya zata. Ka raba aikin gida biyu. A zagaye na farko kai makwafi ne kawai: ginshiƙi ɗaya na lambar shafi, ɗaya na lambar layi, ɗaya na suna yadda aka rubuta shi, ɗaya na adadi, ɗaya na ma'auni yadda aka rubuta shi, da na ƙarshe na bayani, inda za ka rubuta duk shakkar da kake da ita. Idan mai rubutun ya yi kuskuren harafi, ka kwafi kuskuren. A zagaye na biyu ne za ka ƙara sababbin ginshiƙai a gefen dama na daidaitaccen suna da daidaitaccen adadi, ba tare da ka taɓa na asalin ba. Lambar shafi da ta layi su ne igiyar da za ta mayar da kai kan hoton duk ranar da wani ya ce bai yarda da wani adadi ba.

sabon_mai_sito

Na gode Malama. To yaya zan yi da alamar nan ta ɗigo biyu a layi na 13 da na 17, wadda ke nufin sunan da ke sama da ita? Idan na bi ƙa'idar kwafa yadda yake, alamar zan buga ke nan.

malama_taskira

Nan ne kaɗai nake sassauta ƙa'idar. Ma'anar alamar maimaici ta dogara ne ga layin da ke samanta, saboda haka ranar da aka jera jadawalin bisa haruffa ko aka tace shi, ta rasa abin da take nuni gare shi. Ka cike sunan nan take, amma ka sa abin da ka cike a cikin baka mai kusurwa, kamar `[ƙusa] 2"`, domin a san ba hannun marubucin ne ya rubuta kalmar ba. Ka kuma lura cewa a layi na 13 alama iri ɗaya ta fito sau biyu da ma'ana biyu: ta farko maimaici ce, ta biyun da ke bayan lamba 2 kuwa inci take nufi. Wanda bai san kayan ba zai iya ɗaukar su abu ɗaya. Wurin da ya fi haɗari shi ne layin farko na sabon shafi, domin idan ya fara da wannan alama to tana komawa ne ga layin ƙarshe na shafin da ya gabata, kuma idan an yi sikanin shafukan ba bisa jerinsu ba sai ka liƙa wa kaya sunan da ba nasa ba. Kafin ka buga ko layi ɗaya ka tabbatar da jerin shafukan.

ummu_lissafi

Ina ƙara wa maganar Malama ƙarfi da abin da ya faru da ni. Na taɓa buga jerin kayan famfo inda aka ware girman bututu a ginshiƙinsa, na riƙa buga `1/2` da `3/4` ina wucewa ban ɗaga kai na dubi allo ba. Sai da na gama na tarar Excel ya mayar da su duka kwanan wata, kuma da na sauya tsarin gurbin zuwa lamba sai wasu lambobi masu gida biyar suka fito, saboda abin da ya adana a ciki kwanan watan ne, asalin `1/2` ɗin ya riga ya ɓace. Dole na koma kan takarda na sake buga ginshiƙin gaba ɗaya. Tun daga ranar, kafin in buga komai sai na zaɓi ginshiƙan asali na sa musu tsarin `Text`. Wannan kuma yana hana shi cinye sifilin farko, idan akwai lambar kaya kamar `007`. Shi kuma adadi irin `1½` na layi na 13, ka bar shi yadda yake a ginshiƙin asali, ka buɗe wani ginshiƙi na lamba zalla ka sa `1.5`, domin shi ne za a yi lissafi da shi.

injiniya_mai_ritaya

Abin da nake so in ja hankalinka a kai, ɗana, shi ne akwai lamba iri biyu a kowane layi, kuma cakuɗa su ne ke lalata irin wannan jadawali. Akwai lambar da ke cikin sunan kaya, akwai lambar da ke faɗin yawansa. A layi na 16, 2.5 girman wayar ne, wato faɗin bakin jan ƙarfen da ke ciki da murabba'in milimita, yawanta kuwa naɗi 2 ne. A layi na 17 abin da aka rubuta `1,5` ba waya ɗaya da waya biyar ba ne, waya ce mai 1.5, marubucin dai yana amfani da waƙafi a inda wasu ke sa ɗigo. Ka bincika ko mai wannan hannu haka yake yi a duk shafukansa, domin idan haka ne to duk inda ya rubuta adadi kamar `2,500` sai ka tsaya ka tantance ko biyu da rabi yake nufi ko dubu biyu da ɗari biyar.

Lambar da ke cikin suna ba a juya ta zuwa wani ma'auni. Na ga wanda, saboda son daidaita komai zuwa milimita, ya mayar da bututun ƙarfe mai rabin inci ya zama bututu mai milimita 12.7. A lissafi ya yi daidai, tunda inci ɗaya milimita 25.4 ne, amma babu ma'aikacin da zai gane abin da ake nufi, domin rabin incin suna ne na girman, kuma idan ka auna bayan bututun za ka samu kimanin milimita 21.3, a tsarin mita kuma DN 15 ake kiransa. Saboda haka ka bar ƙusa mai inci 3 a matsayin inci 3. Abin da za ka daidaita shi ne ma'aunin yawa kaɗai.

abu_hanif_k

Ni matsalata ta ɗan bambanta. Idan na ɗauki hoton takarda da waya sai gefe ɗaya ya yi duhu, kuma idan na haɗa hotunan suka zama PDF sai fayil ɗin ya yi nauyin da ba ya turuwa. Wace manhaja kuke amfani da ita wajen rage nauyin?

dan_kwamfuta88

Malam abu_hanif_k, mai tambaya ya riga ya wuce wannan mataki. Amma a taƙaice, ka shimfiɗa takardar a inda haske ke zuwa daga gefe biyu, kuma idan za ka rage nauyi ka rage na kwafin da za ka tura, ka ajiye na asali. Kada ka zaɓi baƙi da fari zalla, ka zaɓi mai toka-toka, domin baƙi da fari yana share rubutun fensir da ɗigon da bai fito sosai ba, ɗigo ɗaya kuwa shi ne tsakanin 1.5 da 15. Na kuma karɓi gyaran Malama a kan Tesseract, bugaggun takardu ne kawai na taɓa gwada ta a kansu.

sabon_mai_sito

Na gama zagaye na farko, layi 386 cif, kuma na ƙirga layukan kowane shafi na gwada da hoton, sun yi daidai. Yanzu da na cire maimaici a ginshiƙin suna, sai na samu rubutu daban-daban 211, alhali a ganina kayan da ke siton ba su kai rabin haka ba. Na yi niyyar in yi amfani da `Find and Replace` in riƙa mayar da kowane laƙabi zuwa suna ɗaya. Ko hakan ya yi?

malama_taskira

Bai yi ba, Malam, saboda dalili biyu. Na farko yana goge asalin da ka sha wahalar kwafa. Na biyu yana kama abin da ba ka nufa ba, domin idan ka ce a sauya `waya 1` zai shiga cikin `waya 1.5` da `waya 10` ya taɓa su, sai dai idan ka tuna ka sa sharaɗin cikakken gurbi kowane lokaci. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe wani shafi a cikin fayil ɗin, ka kira shi `Suna`, ka zuba rubutun nan 211 a ginshiƙin farko, a na biyu kuma ka rubuta daidaitaccen sunan kowanne da hannunka. Hukunci 211 ke nan, kowanne sau ɗaya, kuma kowanne a bayyane inda wani zai iya dubawa ya ce bai yarda ba. Sannan a babban jadawalin ka sa wannan, idan sunan asali yana ginshiƙin C:

```
=XLOOKUP(TRIM(C2),Suna!A:A,Suna!B:B,"BABU")
```

`TRIM` yana cire sararin da ya yi yawa a farko, ƙarshe ko tsakanin kalmomi, wanda ido ba ya gani amma kwamfuta ke ɗauka bambanci ne. Su ma rubutun da ke shafin `Suna` ka tsabtace su haka kafin ka zuba su. Duk layin da ya fitar da `BABU` to ba ka yanke hukunci a kansa ba tukuna. Idan daga baya ka gano ka yi kuskure a kan wani laƙabi, gurbi ɗaya za ka gyara, duk layukan da suka dogara da shi su gyaru.

Game da siffar daidaitaccen sunan, ka zaɓi jeri ɗaya ka tsaya a kansa: nau'in kaya, sannan siffarsa, sannan girmansa. Idan ka rubuta "fenti, fari" to kada a wani wuri ka rubuta "jan fenti", ka rubuta "fenti, ja", domin duk fenti ya taru wuri ɗaya idan an jera. Kuma ka buga ƙ da ɗ da ɓ yadda suke a daidaitaccen suna kowane lokaci, tunda a wurin kwamfuta `kusa` da `ƙusa` kalmomi biyu ne. Idan za ka fitar da jadawalin zuwa CSV ka zaɓi `CSV UTF-8`, in ba haka ba haruffan nan za su iya komawa alamar tambaya.

ummu_lissafi

Ƙarin bayani kaɗan ga wanda Excel ɗinsa tsoho ne: babu `XLOOKUP` a na 2016 da na 2019, sai dai a yi amfani da `VLOOKUP` tare da `FALSE` a ƙarshe. Amma akwai tarko a ciki. `VLOOKUP` yana ɗaukar alamar tambaya da tauraro da ke cikin abin da ake nema a matsayin "kowane harafi", saboda haka idan ka riƙa sa alamar tambaya a jikin sunan da kake shakka, kamar `waya 1?`, zai iya kamo maka `waya 10` ba tare da ya nuna wani kuskure ba. Shi ya sa shakka take da ginshiƙinta daban, kamar yadda Malama ta faɗa tun farko.

mai_tsaftace_bayanai

Ina ganin rubutu 211 da hannu ɓata lokaci ne alhali akwai OpenRefine. Ka shigar da jadawalin, ka zaɓi `Cluster and edit` a kan ginshiƙin suna, za ta tara maka masu kama da juna rukuni-rukuni, kamar "fenti fari" da "Fari fenti" da "fenti, fari", ka amince ta haɗe su. Hanyar da ake kira `fingerprint` tana mayar da haruffa ƙanana, ta cire alamomin rubutu, ta jera kalmomin, sannan ta gwada. Na yi aiki da ita a kan jerin sunayen ma'aikatu mai layuka dubbai, ta rage mini aikin mako zuwa yini.

injiniya_mai_ritaya

Ban san manhajar sosai ba, amma daga bayanin da ka yi da kanka akwai abin da ya tsorata ni. Ka ce tana cire alamomin rubutu kafin ta gwada. To idan aka cire ɗigo daga 1.5 an samu 15, idan aka cire sanda daga 1/2 an samu 12. A sunayen ma'aikatu waƙafi ba shi da nauyi, amma a kayan aiki ɗigon nan shi ne bambancin kaya biyu da ba sa maye gurbin juna. Duk wata hanya da ke auna kamanni da yawan haruffan da suka bambanta kuwa za ta ga ƙusa mai inci 2 da mai inci 3 kusan abu ɗaya ne, tunda harafi ɗaya ne ya raba su.

mai_tsaftace_bayanai

Gaskiya ne Baba, za ta iya kawo su rukuni ɗaya. Sai dai ba ta haɗe komai sai mutum ya sa alamar amincewa a kan rukunin, saboda haka laifin yana wurin wanda ya danna `Select all` bai karanta ba. Abin da nake yi shi ne in ware girma zuwa ginshiƙinsa tukuna, in bar ta ta yi aiki a kan kalmomi kaɗai, kuma a kan kwafin ginshiƙin, ba na asali ba. Na yarda dai cewa a kan rubutu 211 ribar ba ta da yawa, musamman ga wanda zai fara koyon manhajar yau. Kuma ba za ta taɓa haɗa `k/3` da ƙusa ba.

sabon_mai_sito

Na bi hanyar shafin `Suna`, rubutu 211 sun koma kaya 94, saura laƙabi 9 da ban gane ba. Yanzu na iso kan ma'auni. Na yi shawarar kowane kaya ya samu ma'auni ɗaya: ƙusa da kilo, fenti da lita, waya da mita, sauran da guda. Yadi da dozin ba su da wuya. Amma galan da kwali da naɗi sun tsayar da ni.

dan_kwamfuta88

Galan ba matsala ba ce, Excel yana da aikin da ke juya shi:

```
=CONVERT(3,"gal","l")
=CONVERT(40,"yd","m")
```

Na farko zai ba ka lita 11.36, na biyu mita 36.576.

injiniya_mai_ritaya

Na yadi daidai ne, domin yadi ɗaya mita 0.9144 ne a ko'ina. Na galan kuwa rabin amsa ne. `gal` a Excel galan ɗin Amurka ne, kimanin lita 3.785, na Birtaniya kuma, wanda ake rubuta wa `uk_gal`, kimanin lita 4.546 ne. Galan 3 na layi na 15 zai zama lita 11.36 a ɗaya, lita 13.64 a ɗayan, bambancin ya haura lita 2 a layi ɗaya tak. Akwai kuma yiwuwa ta uku wadda a ganina ta fi ƙarfi: mai rubutun bai auna komai ba, gwangwani uku ya gani a kan kanta ya kira kowanne galan, kamar yadda masu aiki suka saba kiran mazubin da sunan ma'aunin. Idan haka ne amsar tana rubuce a jikin gwangwanin, sai ka tashi ka je ka karanta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya raba ma'aunai gida biyu. Yadi da laba da dozin suna da ƙima ɗaya ko me aka auna da su. Kwali da naɗi da gwangwani da buhu kuwa mazubai ne, ƙimarsu ta dogara ga abin da ke ciki, saboda haka ba za ka iya rubuta "kwali ɗaya kilo kaza ne" sau ɗaya ya wadatar ba. Teburin juyawarka dole ya haɗa sunan kaya da ma'auni a matsayin mabuɗi ɗaya, kowane haɗi da ƙimarsa, tare da ginshiƙin da ke faɗin inda ka samo ƙimar: daga jikin kwali, daga sikeli, ko daga bakin wani.

malama_taskira

Ga yadda za a rubuta abin da Baba ya bayyana. A shafin `Awo`, ginshiƙin A ya ƙunshi mabuɗi kamar `ƙusa, inci 3|kwali`, ginshiƙin B ya ƙunshi ƙimar. Idan daidaitaccen suna yana G, ma'auni yana E, adadi na lamba zalla yana H:

```
=H2*XLOOKUP(G2&"|"&E2,Awo!A:A,Awo!B:B)
```

Da gangan ban sa abin da zai fito idan ba a samu mabuɗin ba. Ka bar `#N/A` ya bayyana, domin zai hana jimillar fitowa har sai ka cike ƙimar, hakan kuwa ya fi jimillar da ta fito sumul alhali ta tsallake layuka. Kada ka taɓa cike wanda ba ka sani ba da sifili, domin sifili yana cewa an duba babu kayan ne. Su ma ma'aunan suna bukatar ƙaramin teburin laƙabi kamar na suna, tunda za ka tarar da `kg` da `kilo` da `Kg.` duk a takarda ɗaya.

sabon_mai_sito

Na shiga siton yau da takardar a hannu. Gwangwanayen farin fentin lita 4 ne a rubuce a jikinsu, saboda haka layi na 15 lita 12 ne, ba 11.36 ba, ba kuma 13.64 ba. Kwalin ƙusa mai inci 3 kilo 5 ne, amma na mai inci 2 kilo 2.5 ne, wato layi na 12 kilo 10, layi na 13 kilo 3.75. Da na yi amfani da ƙima ɗaya ga kwali da na ninka na biyun. Naɗin wayar guda ɗaya yana cikin ledarsa an rubuta mita 100, ɗayan kuwa an fara yankarsa, kuma takardar ba ta bambanta su ba.

ummu_lissafi

To a nan ina da ja a kan 3.75 ɗin nan, haka ma 36.576 na waya. Wanda ya rubuta kwali ɗaya da rabi leƙawa ya yi ya ƙiyasta da ido, wanda ya rubuta yadi 40 ma da wuya a ce ya auna har zuwa milimita. Idan ka rubuta lamba mai gida uku bayan ɗigo, mai karantawa zai ɗauka an auna ne da wannan tsananin. Ni da zan rubuta mita 37 da kilo 4, in sa "ƙiyasi" a gefe.

malama_taskira

Na yarda da damuwarki 'yar'uwa, amma ban yarda a yanke lambar a cikin gurbin ba, domin idan aka yanke kowane layi sannan aka tara su, kurakuran yankan suna iya taruwa. Ni zan bar cikakkiyar lambar a ciki, in sa tsarin gurbin ya nuna gida ɗaya kawai, in kuma ƙara ginshiƙi mai kalma ɗaya daga cikin uku: aunanne, ƙirgagge, ƙiyasi. Naɗin wayar da aka fara yanka shi ma ƙiyasi ne har sai an warware shi an auna.

ummu_lissafi

Wanda zai kwafi gurbin zuwa wani rahoto cikakkiyar lambar zai ɗauka, ba zai ɗauki ginshiƙin ƙiyasin ba, Malama. Na ga hakan sau da yawa, shi ya sa har yanzu na fi karkata ga yankewa a irin waɗannan layuka kaɗai.

hajiya_mai_bita

Ba a yi maganar tantance lambobin kansu ba, alhali duk wannan gini a kansu yake tsaye. Kuskuren suna yakan tona kansa, amma 1 da aka karanta 7, ko 4 da aka karanta 9, ko 0 da aka karanta 6, ba abin da zai nuna shi. Tunda hannu uku ne, ka nemi wurin da kowannensu ya rubuta lambar da ka san ƙimarta tabbas, kuma lambobin jerin layi sun isa, domin abin da ya biyo bayan 16 dole 17 ne. Daga nan za ka ga wanda ke sa wa bakwai ɗinsa sanda a tsakiya da wanda ɗayansa ke da ƙugiya a sama. Ka yanko waɗannan daga hoton ka jera su wuri ɗaya su zama abin gwadawa. Bayan haka ka ba wani mutum hotunan ya buga ginshiƙin adadi kaɗai ba tare da ya ga naka ba, a jera biyun a gwada da `=EXACT(D2,J2)`, duk inda `FALSE` ya fito ku koma kan hoton tare. Idan kai ka sake karanta abin da ka buga, idonka abin da ya gani da farko zai sake gani.

sabon_mai_sito

Na gode Hajiya. Abokiyar aikina ta buga adadin daban, mun saɓa a wuri 7, huɗu kuskurena ne, biyu nata, ɗaya kuma har yanzu ba mu daidaita ba ko 14 ne ko 19, na rubuta duka biyun a ginshiƙin bayani har sai na ƙirga kayan. Saura `k/3`. Hannun na mutum na biyu ne, wanda ya bar aiki. Ma'aunin kilo ya sa nake ganin ƙusa ce, amma ya zo layi biyu kacal bayan ƙusa mai inci 3 ta layi na 12, kuma a siton kwalinta biyu kawai na gani da wani buhu na ƙusoshi a gauraye.

injiniya_mai_ritaya

To kada ka haɗa shi da layi na 12 tukuna, domin ko kilo 4 ne na daban wanda zai kai jimillar 14, ko kuma ƙusoshin buhun ne aka yi wa wannan laƙabi. Ka ba shi suna na wucin gadi a shafin `Suna` domin ya tsaya shi kaɗai. Sannan ka ɗora buhun a sikeli ka ga ko ya kusa kilo 4, ka kuma duba shafukan mutumin ko ya rubuta `k/2` ko `k/4` a wani wuri, da ma'aunin da ya sa musu.

sabon_mai_sito

Akwai `k/4` a shafi na 9 Baba, amma da dozin aka rubuta shi, dozin 2. Zan auna buhun gobe da safe.